Me ya sa maɓallin biya yake ɓacewa a wata wayar?

Mutum biyu za su buɗe shafi ɗaya na wani mai sayar da atamfa. A wayar na farko komai ya zauna daram: hotuna biyu-biyu a jere, farashi a ƙarƙashin kowane, maɓallin biya a ƙasa. A wayar na biyu kuwa rabin farashin ya shige gefe, sai ya ja shafin hagu da dama kafin ya karanta, in ya taɓa gurbin rubuta lambar waya madannai su taso su rufe maɓallin. Yawanci sai ya ɗora laifin a kan wayarsa, ya ce ta tsufa ko ƙarama ce. A gaskiya, sau da yawa laifin na wanda ya gina shafin ne, domin ya auna shi da fuskar waya ɗaya, wato tasa.

Da farko sai mu raba lambar da ake talla da lambar da ake aiki da ita. A jikin kwalin waya za ka ga an rubuta 720 x 1600 ko 1080 x 2400. Waɗannan adadin fiksel ne, ƙananan ɗigon haske da suka haɗu suka yi fuskar. Da magini zai ce maɓalli ya zama fiksel 100 na zahiri, da a wayar da ɗigonta suka yi cunkoso maɓallin ya ƙanƙance har yatsa ya kasa samunsa. Wannan matsala ta fito fili a 2010, lokacin da iPhone 4 ta zo da 640 x 960 a kan fuskar inci 3.5, girman da a baya yake ɗauke da 320 x 480 kacal. Mafitar da aka bi ita ce a bar ma'aunin gini yadda yake, kowane ma'auni ɗaya ya ci ɗigo biyu a kwance, biyu a tsaye. Android tana da nata ma'aunin mai suna `dp`, wanda yake daidai da fiksel ɗaya a fuskar da ke da ɗigo 160 a kowane inci. A shafukan intanet kuma `px` ɗin da ake rubutawa irin wannan ma'aunin ne, ba ɗigon zahiri ba.

Sakamakon haka yana ba mutane mamaki. Wayar 720 x 1600, irin Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu, yawanci ana raba lambarta da 2, sai ta zama 360 x 800. Wata mai tsada ta 1080 x 2400 kuma ana iya raba tata da 3, ita ma ta ba da 360 x 800. Wato a idon magini faɗinsu ɗaya ne, mai tsadar rubutunta ne kawai ya fi sumul. Akasarin wayoyin yau faɗinsu yana tsakanin 360 da 430, tsofaffi da ƙanana kuma sukan sauko zuwa 320.

A shekarun farko shafukan intanet duk don kwamfuta aka gina su. Da iPhone ta fito a 2007, burauzarta takan ɗauka cewa faɗin fuska 980 ne, ta shimfiɗa shafin a haka, sannan ta matse shi ya shiga tafin hannu. Har yau duk shafin da ka buɗe ka ga rubutunsa ƙanana ƙwarai, sai ka buɗa da yatsu biyu kafin ka karanta, to akwai yiwuwar layi ɗaya ne ya rasa:

```html
<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">
```

Layin yana gaya wa burauza ta daina ɗaukar faɗin kwamfuta, ta yi aiki da faɗin wayar da ke hannu. A watan Mayu na 2010 wani magini Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya wallafa maƙala a mujallar A List Apart inda ya haɗa dabaru uku wuri ɗaya: a auna sassan shafi da kaso maimakon kafaffiyar lamba, a hana hoto wuce gurbinsa, a kuma sa sharaɗin da zai canza tsari idan faɗi ya kai wani mataki. Bambancin tsohon salo da wannan kamar na riga ɗinkakkiya ne da zani: rigar jiki ɗaya aka yanka wa, zanin kuwa kowace mace ta ɗaura ya zauna mata.

Mu koma kan mai atamfar nan mu yi lissafin. Yana son kowace turmi ta fito a cikin akwati mai hoto da farashi. Magini na gari ba zai ce akwati biyu a kowane layi ba, domin bai san wayar da za a buɗe da ita ba. Abin da zai ce shi ne: kada akwati ya gaza 150 a faɗi, a bar 12 tsakaninsu, a bar 16 a kowane gefe, sauran kuma burauza ta raba daidai.

```css
.kaya {
  display: grid;
  gap: 12px;
  padding: 16px;
  grid-template-columns: repeat(auto-fill, minmax(150px, 1fr));
}
```

A wayar 360, in an cire gefe biyu saura 328. Akwati biyu da ratarsu suna buƙatar 312, don haka sun shiga, kowane ya samu 158. A tsohuwar waya mai 320, abin da ya rage 288 ne, bai kai 312 ba, sai burauza ta jera su ɗaya-ɗaya, kowane ya cika faɗin. A waya mai 412 biyu ne har yanzu, amma kowane ya buɗe zuwa 184. In mai wayar 360 x 800 ya kwantar da ita, faɗi ya koma 800, akwati huɗu za su jeru, kowane 183. Ba a ambaci sunan kowace waya a cikin umarnin ba, kuma nan ne ƙarfinsa yake, domin wayar da za ta fito baɗi ma ta shiga lissafin. Da maginin ya kafe faɗin jerin a 400, da mai wayar 360 ya rasa 40 a gefen dama, kuma wataƙila nan ne sifirin ƙarshe na farashin yake.

Faɗi dai an san maganinsa tuntuni. Inda nake ganin har ƙwararru suna tuntuɓe shi ne tsayi. Shekaru da dama fuskar waya tana kan 16:9, wato in faɗi 9 ne tsayi 16 ne. A 2017 abin ya sauya: LG G6 ta zo da 18:9, Galaxy S8 da 18.5:9, iPhone X da kusan 19.5:9 tare da baƙin tsagi a sama inda kyamara take. Yanzu 20:9 ta zama ruwan dare. Don haka waya biyu za su iya yin faɗi ɗaya, 360, amma ɗaya tsayinta 640, ɗaya 800. Ratar 160 ba ƙarama ba ce, ta isa ta ɗauki gurbin rubutu biyu da maɓalli. Magini da ya tsara fom ɗin biya ya cika doguwar wayarsa cif, bai kuma bari shafin ya gungura ba, ya riga ya rufe ƙofa ga mai gajerar waya.

Ko a doguwar ma, ba duka tsayin ne na shafin ba. Layin agogo da batir ya ci nasa, gurbin adireshin burauza ya ci nasa, maɓallan komawa na ƙasa su ma haka. In madannai suka taso sukan cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuskar. Akwai kuma wani tarko da ya daɗe yana kama magina: umarnin `100vh`, wanda ake nufin cikakken tsayin fuska da shi, a waya yana auna tsayin ne kamar gurbin adireshi ya ɓuya. Da aka buɗe shafi gurbin yana nan, sai ƙasan shafin ya zarce, maɓallin da aka ajiye can ya nutse. A 2022 manyan burauzoji suka karɓi sababbin ma'auni, `svh` mai auna tsayi mafi ƙanƙanta da `dvh` mai bin tsayin yadda yake canzawa. Don tsagin kyamara da sandar ƙasa kuma akwai `env(safe-area-inset-bottom)` da 'yan uwansa, waɗanda suke gaya wa shafi nawa zai ja baya daga baki.

Hoto da bidiyo su ba sa miƙewa ba tare da sun lalace ba, don haka zaɓi biyu ne kawai. Ɗauki bidiyon tsaye na 9:16 a fuskar 360 x 800. In aka ce ya fito gaba ɗaya, zai tsaya a 360 x 640, a bar fili 160 babu komai. In aka ce ya cika fuskar, sai ya kumbura zuwa faɗi 450, a yanke 45 a kowane gefe, wato kashi ɗaya cikin biyar na hoton ya tafi. Masu haɗa tallan biki da na kaya su lura da wannan: lambar waya ko sunan amarya da aka liƙa a can gefe, wani zai gani, wani ba zai gani ba, kuma babu wanda wayarsa ta lalace a cikinsu.

Sai abin da aka fi mantawa da shi, wato mai wayar kansa yana iya canza ma'aunin. Dattijon da idonsa ya yi rauni zai sa jikansa ya ƙara masa girman rubutu, kuma tun daga Android 14 ana iya kai shi ninki biyu. In maɓalli an kafe tsayinsa, rubutun zai kumbura ya tsage, a ga rabin kalma. Gyaran shi ne a ba maɓalli mafi ƙarancin tsayi, 48 `dp` kamar yadda Google ke ba da shawara don yatsa ya same shi, sannan a bar shi ya ƙaru in rubutu ya nema. Wannan ya shafi manhajojin da ake mayarwa Hausa ma, domin jimlar da ta shiga layi ɗaya a harshen asali takan nemi layi biyu a namu.

Duk mai sana'ar da ya biya aka gina masa shafi zai iya gwada aikin kafin ya cika kuɗi, ba sai ya san lamba ko ɗaya ba. Ya ari mafi ƙanƙantar wayar da ke gidan, ya buɗe shafin, ya ja shi gefe da yatsa: in ya motsa hagu da dama, wani abu ya wuce faɗi. Ya kwantar da wayar ya ga ko kayan sun sake jeri. Ya kai girman rubutu ƙarshe. Sannan ya taɓa gurbin rubutu na can ƙasa, madannai su taso, ya duba ko yana ganin abin da yake rubutawa, kuma ko zai iya kaiwa ga maɓallin biya ba tare da ya rufe madannan ba. Magini shi ma yana da irin wannan gwajin a kwamfutarsa: a burauzar Chrome, `F12` sannan `Ctrl+Shift+M` suna buɗe fuskar waya ta gwaji, inda zai rubuta 320 a gurbin faɗi ya ga abin da ya karye. Sai dai wannan fuskar ba ta tayar da madannai, don haka gwajin ƙarshe dole a yi shi a waya ta gaske.