Wasiƙar Tunin Biyan Kuɗin Aiki

Mai aikin kansa, irin su mai fassara ko mai ɗaukar hoto, yakan miƙa aiki tare da takardar neman biya mai ɗauke da wa'adi, galibi kwana 30. Idan wa'adin ya wuce shiru, sai ya rubuta wasiƙar tuni.

Bayan gajeriyar gaisuwa, wasiƙar tana ambaton lambar takardar, adadin kuɗin da ranar da ya kamata a biya. A ce mai fassara yana bin wani kamfani naira 150,000. Zai rubuta cewa wa'adin ya cika ranar 1 ga wata, yana roƙon a biya kafin ranar 15, ya sake haɗa kwafin takardar da lambar asusunsa. Tsayayyar ranar nan ita ce ƙarfin wasiƙar, domin "in an samu hali" ba ya ɗaure kowa.

Ladabin kuwa shi ne kyautata zato: wataƙila takardar ta maƙale a ofishin akanta. Yawan ban haƙuri yana sa haƙƙi ya zama kamar bara. Tarar jinkiri kuma ba a ambatonta sai in tana cikin yarjejeniyar farko.