Ruwan gishirin asuba da yadda ake gyara jita-jita

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a watan Agustan 2014 zai tuna asubar da wayoyi suka yi ta ruri: tashi ka yi wanka da ruwan gishiri, ka sha, rigakafin Ebola ne. Uwa ta kira ɗa, ɗa ya kira maƙwabci. Kafin ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata zancen, an riga an sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu ne suka mutu a Najeriya saboda shan ruwan gishirin.

Maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce, "Ai in bai yi magani ba, ba zai cutar ba." Wa ya faɗa? Barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ka ga yadda ruwa ke tsatsafowa. Mai jima ma da gishiri yake tsotse ruwan fata. Haka gishirin da ya yi yawa a jini yake zuƙe ruwan ƙwayoyin jiki, har na ƙwaƙwalwa, sai ruɗewa da jijjiga su biyo baya. Abin da hukumar ta shawarta wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali guda. To ina ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya kwankwaɗi kofi?

Binciken da zai hana wannan bai fi minti biyar ba. Tambayi wanda ya turo: wa ya gaya maka? In amsar ita ce "wani likita" marar suna, dakata. In saƙon WhatsApp na ɗauke da alamar Forwarded many times, ya yi yawo ke nan, kuma yawo ba shaida ba ne. Duba shafin NCDC ko ka kira lambarsu ta kyauta, 6232.

Wajen gyara ake yin tuntuɓe. Sanarwar hukuma takan zo a makare, cikin dogon Turanci, alhali ƙaryar ta zo da muryar yayarka. Kada ka sake tura jita-jitar da "ƙarya ne" a ƙasanta, domin da yawa layin farko kaɗai suke karantawa. Fara da gaskiyar:

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ruwan gishiri ba ya hana Ebola, shansa kuma yana iya kisa. Ana kamuwa ne ta taɓa jini, amai ko gudawar mai cutar. A wanke hannu da sabulu, mai zazzaɓi ya je asibiti. Ma'aikatar Lafiya ce ta sanar."

Tura shi zauren da ƙaryar ta shiga, ka kuma naɗe shi da murya saboda waɗanda ba sa karatu. In kawunka ne ya yaɗa, kira shi a keɓe tukuna, ka ce, "Kawu, na bincika, ga abin da na samu," ka roƙe shi ya tura gyaran da kansa.