Layin da ke tona asirin enzayim

A shekarar 1913, a birnin Berlin na ƙasar Jamus, masana biyu, Leonor Michaelis da Maud Menten, wadda 'yar ƙasar Kanada ce, suka duƙufa kan wani enzayim da ake samu a jikin yisti, mai suna imbates. Aikinsa shi ne raba sukarin rake gida biyu, ya mai da shi gulukos da furuktos. Abin da suka gani yana da ban sha'awa: idan aka ƙara sukari a ruwan gwaji, saurin aikin enzayim ɗin yakan ƙaru, amma ba har abada ba. Akwai inda ake kaiwa, ko buhu guda aka juye, saurin ba ya ƙara wani abin a zo a gani.

Enzayim dai wani sinadari ne, galibi furotin, da ke gaggauta sauyin wani abu zuwa wani ba tare da shi ya ƙare ba. Ana iya kwatanta ƙwayoyinsa da 'yan dako a bakin tasha. Ranar da kaya suka yi ƙaranci, wasu na ɗauka, wasu na zaune suna jira, don haka duk motar da ta ƙaru, aikin da ake yi a minti ɗaya ya ƙaru. Ranar da kaya suka cika tasha kuwa, kowa na ɗauke da nasa, ƙarin motoci ba ya ƙara komai sai tsawon layi.

Lambobi biyu ne ke bayyana wannan hali. Ta farko ita ce ƙololuwar sauri, wadda ake rubutawa Vmax, wato saurin da za a samu idan babu ƙwayar enzayim ko ɗaya da ke zaman banza. Ta biyu ita ce Km, wato yawan sukarin da ake bukata a cikin ruwan kafin sauri ya kai rabin ƙololuwa. Enzayim mai ƙaramar Km ɗan sukari kaɗan ya ishe shi ya kama aiki gadan-gadan. Mai babbar Km kuwa sai an cika masa kwano. Idan v na nufin saurin da aka auna, S kuma yawan sukari, lissafin Michaelis da Menten ya ce:

```
v = Vmax × S / (Km + S)
```

Matsalar ita ce Vmax ba ta bari a kama ta da hannu. Idan aka zana sauri a tsaye, yawan sukari a kwance, layin kan tashi da ƙarfi, sannan ya lanƙwashe ya riƙa kusantar wani rufi da ba ya taɓa shi. Ko da an zuba sukari ninki 10 na Km, saurin bai wuce kashi 91 cikin 100 na ƙololuwa ba. Mai kallo da ido zai ɗauka an iso, alhali da sauran tafiya. Kuma wanda ya kuskure Vmax ya kuskure rabinta, ke nan ya kuskure Km ma.

A shekarar 1934 Hans Lineweaver da Dean Burk, waɗanda ke aiki a wani ɗakin bincike na ma'aikatar gona ta Amurka, suka wallafa dabarar da har yau take ɗauke da sunansu. Sun ce a juya lissafin, sama ya koma ƙasa. Maimakon a zana v da S, a zana ɗaya bisa v da ɗaya bisa S:

```
1/v = (Km/Vmax) × (1/S) + 1/Vmax
```

Wannan lissafin miƙaƙƙen layi ne, irin wanda ɗan sakandare ya saba da shi. A zamanin da babu kwamfuta, sai takardar zane da fensir da rula, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Rufin nan da ba a iya taɓawa ya koma ɗigo ɗaya tak, inda layi ya ratsa sandar tsaye, domin idan sukari ya yi yawa matuƙa, ɗaya bisa S yakan zama tamkar sifili.

Kafin a kai ga zane, sai an samo lambobi masu kyau. Ana jera kwalaben gwaji, a sa enzayim daidai wa daida a kowace, a tsayar da zafi da tsamin ruwan wuri ɗaya, sukari kaɗai ne ake bambantawa. Sannan a auna saurin farkon farawa, tun kafin a ci fiye da kamar kashi 10 cikin 100 na sukarin. Dalili kuwa, da zarar lokaci ya ja, sukarin ya ragu, S ɗin da aka rubuta a jikin kwalba ya daina zama gaskiya, abin da enzayim ya samar kuma yakan fara taka masa birki. Michaelis da Menten sun bi sawun aikin imbates ne da na'urar da ke auna yadda ruwan sukari ke karkatar da haske: sukarin rake yana karkatar da shi dama, gaurayen gulukos da furuktos kuma hagu.

A ɗauki misali da lambobin da aka tsara don koyo. Ɗaliba ta shirya kwalabe biyar, sukari a ma'aunin milimola, sauri kuma a maikuromol cikin minti ɗaya:

```
S      v       1/S      1/v
5      20.0    0.2      0.05
10     33.3    0.1      0.03
20     50.0    0.05     0.02
40     66.7    0.025    0.015
80     80.0    0.0125   0.0125
```

Sauri mafi girma da ta gani shi ne 80. Da za ta tsaya nan ta ce ƙololuwa ke nan, da ta yi kuskure babba. Sai ta ɗora ɗigo biyar ɗin a takarda, 1/S a kwance, 1/v a tsaye, ta aza rula, ta ga duk sun hau layi ɗaya. Ta ja layin zuwa hagu, ya ratsa sandar tsaye a 0.01. Tunda wannan wuri shi ne ɗaya bisa Vmax, sai ta raba ɗaya da 0.01, ta samu 100. Enzayim ɗin ashe zai iya kaiwa 100, saurin da ba ta taɓa gani a kwalba ko ɗaya ba.

Saura Km. Ta ci gaba da jan layin ya tsallaka sandar tsaye, ya shiga ɓangaren lambobin ƙasa da sifili, har ya sauka kan sandar kwance a −0.05. Babu kwalbar da za a iya haɗawa da irin wannan sukari, wurin na lissafi ne kawai, amma darajarsa ita ce −1/Km. Ɗaya a raba da 0.05 ya ba da 20. Tana iya tabbatarwa ta wata hanya: daga ɗigo na biyu zuwa na farko, layin ya hau 0.02 a tafiyar 0.1, gangarensa ke nan 0.2, kuma 0.2 sau 100 ya sake ba da 20. Jadawalin ma ya shaida, domin a kwalbar milimola 20 saurin 50 ne, rabin 100 cif.

Me 20 ɗin nan ke faɗa? An saba cewa Km ma'aunin ƙarfin riƙo ne tsakanin enzayim da abin da yake sarrafawa, ƙaramar lamba tana nufin riƙo mai ƙarfi. Zancen gaskiya ne da sharaɗi. Yana daidai idan enzayim yana kamawa yana saki da sauri, matakin sauya abin kuma yana tafiya a hankali. A shekarar 1925 George Briggs da J. B. S. Haldane na Birtaniya suka nuna cewa Km ta ƙunshi har da saurin matakin sauyawar, saboda haka idan matakin nan yana da sauri, Km takan fi ainihin ma'aunin riƙo girma. Abin da ba ya canzawa shi ne ma'anarta ta asali: yawan abin da ke kai sauri rabin ƙololuwa.

Juya lambobi yana da tsada, kuma a nan ne da yawa ke faɗawa rami. A ce hannun ɗalibar ya ɗan kauce a kwalbar farko, ta karanta 18 maimakon 20. Ɗaya bisa 18 kusan 0.0556 ne, ɗigon ya tashi da 0.0056. Da a kwalbar ƙarshe ta yi irin wannan kuskure, ta karanta 78 maimakon 80, da ɗigon ya motsa da kusan 0.0003 kawai. Kuskure iri ɗaya ne, amma a ƙaramin sukari ya kumbura kusan ninki 17. Ga shi kuma ɗigon nan shi kaɗai yake can gefen dama, sauran sun cunkushe kusa da sandar tsaye, don haka shi ke jan layi kamar wanda ya riƙe ƙarshen tabarya. Idan aka ja layin da ya fi dacewa da ɗigo biyar ɗin ba tare da an rage wa kowanne nauyi ba, Vmax ta koma kusan 113, Km kuma kusan 26. Kuskuren 2 a kwalba ɗaya ya ɗaga Km da kusan kashi 30 cikin 100. Kwalbar ƙaramin sukari kuwa ita ce dama mafi wahalar aunawa, domin sauyin da ke cikinta kaɗan ne.

Lineweaver da Burk ba su jahilci wannan ba. Sun nemi shawarar masanin ƙididdiga W. Edwards Deming kan yadda za a ba kowane ɗigo nauyin da ya dace da shi. Waɗanda suka ɗauki zanen daga baya ne galibi suka yi watsi da wannan ɓangare, suka riƙe rula kawai.

Zanen kansa yakan ba da alamar matsala ga mai lura. Idan layi ya ratsa sandar tsaye daf da sifili ko ƙasa da shi, mai yiwuwa duk kwalaben sukarinsu ya yi ƙasa da Km sosai, dole a sake gwaji da masu kauri. Shi ya sa ake so kwalaben su faro daga kamar kashi ɗaya cikin biyar na Km har zuwa ninki biyar nata. Idan ɗigogin da ke kusa da sandar tsaye suka lanƙwasa sama, alama ce cewa yawan abin sarrafawa ya fara shaƙe enzayim. Idan kuma layin gaba ɗaya ya ƙi miƙewa, wataƙila enzayim ɗin ba ya bin lissafin Michaelis da Menten, tilasta masa rula ba zai ba da lambar kirki ba.

A ɗakunan bincike na yau, kwamfuta ce ke daidaita lanƙwasasshen layin asali da lambobin v da S kai tsaye, ba tare da an juya komai ba, daga nan ake ɗaukar Vmax da Km. An bar wa zanen Lineweaver da Burk aikin nuni, musamman wajen gane yadda magani ke hana enzayim aiki. Ana yin gwaji sau biyu, da magani da kuma babu. Idan layukan biyu suka haɗu a kan sandar tsaye, Vmax ba ta motsa ba, Km ce ta ƙaru: maganin yana takara ne da abin sarrafawa a kan gurbi ɗaya, kuma yawan abin sarrafawa zai iya ture shi. Idan a kan sandar kwance suka haɗu, Km tana nan, Vmax ce ta faɗi. Idan kuwa suka tafi kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba, lambobin biyu sun ragu tare, abin da ke nuna cewa maganin ba ya kama enzayim sai bayan ya riga ya riƙe abin da yake sarrafawa.