Yadda Ake Gane Siffar da Ke Ɓoye a Cikin Ikweshan

Duk wanda ya taɓa haska tocila a jikin bango da dare ya ga siffofi huɗu da suka daɗe suna ɗaukar hankalin masana lissafi. Idan ya fuskanci bangon sak, hasken zai fita da'ira. Ya ɗan karkata hannu, da'irar ta miƙe ta yi tsawo ta gefe guda, ita ce ake kira elifs. Ya ƙara karkatawa har bakin hasken ya buɗe ya ƙi rufewa, an shiga farabola, daga ita kuma sai haifabola. Dalili shi ne hasken tocila yana fita ne da siffar mazurari, bango kuwa yankan mazurarin yake yi, kuma karkatar yankan ita ke zaɓar siffar da za a gani.

Apollonius, mutumin birnin Perga, shi ya raɗa wa siffofin nan uku sunayensu wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, a cikin wani aiki mai juzu'i takwas. Juzu'i na biyar zuwa na bakwai sun ɓace a harshen Girkanci, kuma duniya ta san su ne ta fassarar Larabci da Sabit bin Ƙurra ya yi a Bagadaza a ƙarni na tara. Bayan da Descartes ya fitar da littafinsa a 1637, aka saba rubuta waɗannan siffofi da haruffa da lambobi. Daga nan wata sabuwar tambaya ta taso: idan aka miƙo wa mutum ikweshan kawai, ba zane, ta yaya zai san siffar da ke ciki?

Wani lokaci abin ba wuya. Wanda ya ga 4x² + 9y² = 36 zai iya sa y ta zama sifiri ya sami x = 3, ya sa x ta zama sifiri ya sami y = 2. Elifs ce mai rabin tsawo 3 da rabin faɗi 2, kwance daidai a kan layukan awo. To amma ga wata:

5x² − 4xy + 8y² = 36

Wannan xy da ta shigo tsakani ita ce mai dagula lamari. Alama ce cewa siffar a karkace take, ba ta bi layin x ba, ba ta bi layin y ba. Kamar hoto ne da aka rataye a karkace a jikin bango: hoton lafiyarsa ƙalau, mai kallo ne zai karkata kansa daidai da shi ya gan shi sosai. Dukan dabarar ita ce a juya layukan awo da kusurwar da ta dace har xy ta ɓace.

Matakin farko shi ne a kwashe lambobin ɓangaren hagu a jera su a ɗan teburi mai layi biyu da ake kira matiriks. Lambar x² ta zauna a sama ta hagu, lambar y² a ƙasa ta dama, lambar xy kuma a raba ta biyu daidai, a sa rabi a kowane gurbin da ya rage:

```
 5  -2
-2   8
```

Rabawar nan ita ce wurin da ɗalibai suka fi zamewa. Wanda ya manta ya rubuta −4 a gurabun biyu ya koma aiki da wata ikweshan dabam, mai −8xy. Gane kuskuren ba wuya: a sa x = 1 da y = 1. Ikweshan ta asali za ta ba da 5 − 4 + 8, wato 9, kuma idan aka tara lambobi huɗun da ke teburin dole a sami 9 ɗin. Teburin da aka yi wa kuskure 5 zai bayar.

Yanzu ga abin da ya sa dabarar ke aiki. Idan aka juya layukan awo, lambobin teburin suna canzawa, amma abu biyu ba sa motsi ko kaɗan. Na farko shi ne abin da ake samu idan aka tara lambar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama: 5 + 8 = 13. Na biyu, a ninka waɗannan biyun, a cire ninkin sauran biyun: 40 − 4 = 36. A daidai kusurwar da ake nema, gurabun xy za su zama sifiri, lambobi biyu kaɗai za su rage a teburin. Ke nan ana neman lambobi biyu da in an tara su a sami 13, in an ninka su a sami 36. Ɗan firamare ma zai iya lalubo su: 4 da 9. A rubuce, su ne amsoshin λ² − 13λ + 36 = 0, kuma masana na kiran su aiginbaliyu.

Da samun 4 da 9 an gama rabin aiki, domin a sababbin layukan awo, u da v, ikweshan ta koma 4u² + 9v² = 36. Ita ce dai elifs ɗin nan ta ɗazu mai 3 da 2, ta karkata ne kawai.

Saura a san inda ta karkata. Matiriks tana ɗaukar kibiya ta mayar da ita wata kibiya, galibi ta sauya mata alƙibla. Amma akwai alƙibla biyu da ba ta iya kautar da su, sai dai ta ƙara musu tsawo. A gwada kibiyar (2, 1), wato taku biyu dama, taku ɗaya sama. Layin farko na teburin ya ba da 5×2 − 2×1 = 8, na biyu ya ba da −2×2 + 8×1 = 4. An sami (8, 4), wato kibiyar farko sau 4. Haka kibiyar (−1, 2) take komawa (−9, 18), wato sau 9. Waɗannan alƙiblu biyu su ne sababbin layukan awo. Na farko ya tashi daga layin x da kusan digiri 26.6, kuma a kansa tsawon elifs ɗin ya kwanta, domin ƙaramar lamba ita ke tafiya da dogon gefe. Wannan ma wuri ne da ake yawan juya magana.

Kibiyoyin biyu sun haɗu a kusurwar digiri 90 cif, kuma ana tabbatar da haka da 2×(−1) + 1×2 = 0. Ba sa'a aka ci ba. Duk matiriks ɗin da gurabunta na gicciye suka yi daidai da juna, lambobinta na gaske ne, kuma ana samun alƙiblunta a kan digiri 90. Cauchy ya tabbatar da ɓangaren farko na wannan magana a 1829. Shi ya sa aka nace a raba lambar xy biyu daidai tun farko.

Akwai sauran sharaɗi ɗaya. Tsawon kowace kibiya √5 ne, don haka sai an raba ta da √5 ta koma tsawo ɗaya:

x = (2u − v)/√5, y = (u + 2v)/√5

Wanda ya zuba waɗannan a ikweshan ta asali zai ga lambobin uv sun fito −20, −12 da +32, sun cinye juna tas. Abin da ya rage shi ne 20u² + 45v², a raba da 5, a sami 4u² + 9v². Wanda ya yi kasalar rabawa da √5 kuwa zai tsaya a 20u² + 45v² = 36, ya ba da rahoton elifs mai rabin tsawo kusan 1.34 maimakon 3. Sunan siffar ya fito daidai, awonta ya lalace.

A nan ne ake ganin amfanin nacewa a kan juyi tsantsa, wanda ba ya miƙar da tsawo, ba ya tauye kusurwa. Akwai wata hanya mafi sauƙi ta kawar da xy, wadda ake koya tun a sakandare, ta cike murabba'i. Ita za ta ba da 5(x − 0.4y)² + 7.2y² = 36. Lambobin biyu duk sun haura sifiri, don haka ta faɗi gaskiya cewa elifs ce, kuma dokar da Sylvester ya buga a 1852 ta nuna cewa alamomin ba za su taɓa saɓawa ba, ko ta wace hanya aka bi. Sai dai 5 da 7.2 ba su gaya wa kowa tsawo ko faɗi ba, domin an murɗe filin awon ne, ba juya shi aka yi ba. Har da'ira tana iya fitowa a matsayin elifs ta irin wannan murɗiya. Ga mai son suna kawai, hanyar ta wadatar. Ga mai safiyo da ke son sanin ta wane gefe kuskuren awonsa ya fi yawa, wanda ake zana masa shi a matsayin elifs daga irin wannan teburi, ba ta isa ba.

Rarrabewar kanta a kan alamomin lambobin biyu ta tsaya. Idan duka suna sama da sifiri, ko duka suna ƙasa, gidan elifs ne, kuma idan sun yi daidai da juna da'ira ce. Idan ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, gidan haifabola ne. Misalin da ya fi kyau shi ne xy = 1, siffar dokar Boyle ta 1662, wadda ta ce matsin iska sau girman wurin da take ciki ba ya canzawa muddin zafi bai canza ba. Babu x² babu y² a cikinta, amma lambobinta ½ ne da −½, kuma juyin digiri 45 yana mayar da ita u² − v² = 2. Idan kuwa ɗaya daga cikin lambobin sifiri ce, an shiga gidan farabola. Dokar b² − 4ac da ake haddacewa a makaranta wannan maganar ce a taƙaice: a misalinmu ta ba da 16 − 160 = −144, wato 36 ɗin nan sau −4.

An ce "gida" da gangan, domin lambobin biyu ba su yanke hukuncin ƙarshe. A canza 36 na ɓangaren dama ya zama sifiri, elifs ɗin ta tsuke ta koma ɗigo ɗaya. A mai da shi −36, babu ko ɗigo a takarda. Haka x² − y² = 0 tana gidan haifabola, alhali layuka biyu ne miƙaƙƙu da suka gitta juna.

Gidan sifiri ya fi kowanne yaudara. Ɓangaren x² + 2xy + y² yana da lambobi 2 da 0. Idan aka ce ya yi daidai da 4, ana nufin x + y = 2 ko x + y = −2, layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu lanƙwasa ko ɗaya. Amma idan ikweshan ta kasance x² + 2xy + y² − x + y = 0, juyin digiri 45 zai ba da 2u² + √2v = 0, farabola ta gaske. Bambancin ya fito ne daga −x + y, ɓangaren da ba ya shiga teburi sam. Don haka mai karatu da ya sami sifiri a cikin lambobinsa kada ya rubuta "farabola" sai ya juya sauran ɓangarorin ikweshan su ma, ya tabbatar akwai v da ta rage ita kaɗai ba tare da murabba'i ba.