Idan Saba Ta Fara Jan Ciki: Yadda Ake Gane Kai-komon Suwaf a Linux

Akwai wata irin lalura da take kama kwamfutar Linux wadda takan rikita har wanda ya daɗe a harkar. Na'urar ba ta mutu ba, tana amsawa idan an taɓa ta, amma komai sai da daƙyar. Ka buga harafi ɗaya a allo, sai ka jira daƙiƙoƙi kafin ya bayyana. Shafin da saba take buɗewa nan take jiya, yau sai mutum ya gaji da jira ya rufe. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne idan ka duba furosesa sai ka ga kusan ba ta yin komai. Galibi idan aka ga haka, na'urar ta faɗa cikin kai-komon suwaf ne.

Kowace manhaja tana aiki ne a cikin ram, wato ƙwaƙwalwar aiki mai sauri. Linux yana yanka wannan ƙwaƙwalwa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a yawancin kwamfutocin da muke amfani da su girman shafi kilobait 4 ne. Idan ram ta cika, sai kenel, wato zuciyar Linux, ya ɗebi shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai su wani wuri da aka keɓe a kan diski. Wannan wurin shi ne suwaf. Kamar tela ne da teburinsa ya cika da yadi, sai ya kwashe ɗinkin da ba a matsa masa a kai ba ya kai ɗakin ajiya a bayan shago. Babu laifi a nan. Matsala tana farawa ne ranar da duk ɗinkin da ke hannunsa na gaggawa ne, kuma teburin ba zai ɗauke su gaba ɗaya ba. Ya kai wannan ya ɗauko wancan, kafin ya zauna an nemi wanda ya kai, sai ya wuni tsakanin tebur da ɗakin ajiya bai taka keke ba.

Tsananin abin yana zuwa ne daga bambancin gudu. Ɗauko abu daga ram yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Ɗauko shi daga diski mai juyawa yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wato ya ninka wancan sau dubu ɗari. SSD ta rage wannan tazara sosai, amma ba ta goge ta ba. Tun a 1968 Peter Denning ya yi bayanin wannan lalura: kowace manhaja tana da adadin shafukan da take taɓawa a kai a kai, kuma da zarar jimillarsu ta wuce girman ram, aiki ba ya raguwa sannu a hankali, rugujewa yake yi gaba ɗaya.

Mu ɗauki misalin wata saba mai ram gigabait 8 da suwaf gigabait 4 a kan diski mai juyawa. Tana ɗauke da rumbun bayanai na PostgreSQL da shafin da ɗalibai suke duba sakamakon jarrabawa. Da hantsi sai komai ya tsaya cak. Mai kula da ita ya samu ya shiga da ƙyar, ya buga `vmstat 5`, wanda yake fitar da layi ɗaya duk bayan daƙiƙa 5. Ga abin da ya gani, bayan an rage wasu ginshiƙai:

```
 r  b    swpd   free  buff cache   si   so   bi   bo us sy id wa
 1  9 3145728 101244  1120 48212 2400 3100 3900 3180  4  9  2 85
 0 11 3198400  99860  1096 45036 2620 2950 4210 3010  3  8  1 88
```

Layin farko da `vmstat` yake bugawa matsakaicin lissafi ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar, don haka a tsallake shi. Waɗannan biyun na bayansa ne.

Ido yakan fara sauka a kan `swpd`, domin lambar tana da girma: gigabait 3 suna cikin suwaf. Amma wannan ginshiƙi shi kaɗai ba ya nuna ciwo. Saba lafiyayya tana iya yin watanni da gigabait guda a suwaf, shafukan manhajojin da suke barci, babu wanda ya ji a jikinsa. Ginshiƙan da suke faɗin gaskiya su ne `si` da `so`. Na farko yana nuna kilobait nawa ake ɗaukowa daga suwaf zuwa ram a kowace daƙiƙa, na biyu kuma nawa ake kaiwa can. Idan `so` ya tashi na ɗan lokaci ya sauka alhali `si` yana kusa da sifili, kenel yana share tebur ne kawai. Idan kuwa dukansu biyun suna sama, layi bayan layi, to abin da aka kai ne ake sake ɗaukowa. A misalinmu 2400 yana nufin shafuka 600 suna dawowa duk daƙiƙa, ana kuma fitar da fiye da haka.

Sauran lambobin shaida ce a kan wannan. Ginshiƙin `b` yana ƙirga ayyukan da suka tsaya jiran diski, ga 9 ga 11, alhali `r`, masu aiki ko jiran furosesa, bai wuce 1 ba. `us` yana cewa kashi 4 cikin ɗari na lokacin furosesa ne yake tafiya a ainihin aikin manhajoji, `wa` kuma yana cewa kashi 85 zaman jiran diski ne. Sai `cache`, wanda ya ragu zuwa megabait 47. Wannan shi ya sa har buga umarni yake wahala, domin kenel ya kori shafukan fayiloli daga ram, har da na manhajojin da kake son buɗewa, kowane sai an sake karanto shi. Saboda haka ma na'urar da ba ta da suwaf sam tana iya shiga irin wannan hali. A can za ka ga `si` da `so` sifili, amma `bi` yana sama kuma `cache` ya ƙanƙance.

Mutane kan tambayi me ya sa Linux ba ya ceton kansa, tunda yana da tsarin da yake kashe manhaja idan ƙwaƙwalwa ta ƙare. Wannan tsari ba ya motsawa sai kenel ya rasa yadda zai samar da wuri. Muddin akwai sauran fili a suwaf, a wurin kenel aiki yana tafiya, ko da masu amfani da sabar sun shafe awa suna jira.

Yanzu sai babbar tambaya, wa za a tsayar? A nan ne na fi son mai karatu ya nutsu, domin gaggawa a wannan gaɓa ta fi kai-komon kansa ɓarna. Matakin farko shi ne jera ayyuka bisa yawan ram da suka riƙe:

```
ps -eo pid,user,rss,etime,comm --sort=-rss | head
```

A misalinmu, a saman jerin akwai `python3` mai lamba 2741, ya riƙe wajen gigabait 4.6, kuma `etime` ya nuna minti 25 ke nan da tashinsa. A ƙasansa akwai layuka da yawa na `postgres`, kowanne da ɗaruruwan megabait, sun kwana arba'in suna aiki. Kada a tara lambobin `postgres` a ce shi ne ya cinye ram, domin ayyukansa suna tarayya a kan yanki ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma kowane layi yana ƙirga abin da ya taɓa na wannan yanki.

Akwai wani tarkon kuma. Wanda ya fi kaya a suwaf sau da yawa shi ne aka zalunta, wato tsohon mazaunin da baƙo ya ture. Hanyar gane mai laifi ita ce a duba wanda yake ƙaruwa, kuma a haɗa abin da yake ram da abin da yake suwaf, tunda a irin wannan hali lambar `rss` tana iya tsayawa wuri ɗaya alhali manhajar tana ci gaba da kumbura:

```
grep -E 'VmRSS|VmSwap' /proc/2741/status
```

A buga shi sau biyu, da tazarar minti ɗaya. Idan jimillar ta hau daga gigabait 5.2 zuwa 5.5, an kama shi. Da aka bincika, wani ma'aikaci ne ya tayar da aikin haɗa rahoto, kuma manhajar tana loda sakamakon shekaru da dama cikin ƙwaƙwalwa a lokaci guda.

Kafin a kashe, akwai abin da ya kamata a auna: me za a rasa? Aikin rahoto ana iya sake tayar da shi da dare, babu asara sai ta minti 25. Rumbun bayanai ba haka yake ba. Idan aka kashe ko da aiki ɗaya na PostgreSQL da `kill -9`, zai yanke duk masu haɗe da shi, ya shiga gyaran kansa kafin ya sake karɓar kowa. Don haka a misalinmu hukuncin a fili yake, rahoto ne zai tafi.

Ana farawa da `kill 2741`, wanda yake neman manhajar ta rufe kanta cikin tsari. A ba ta lokaci, domin ita ma sai an ɗauko mata shafukanta kafin ta amsa. Idan ta ƙi, sai `kill -9 2741`. In kuwa ba a san mai aikin ba, ko ana tsoron asara, `kill -STOP 2741` yana daskarar da shi ba tare da kashewa ba. Ba ya sakin ƙwaƙwalwa, amma ya daina taɓa shafukansa, sai kenel ya tura su suwaf su zauna, muddin akwai fili a can. Wannan yana ba da sararin ɗaga waya a tambayi mai shi, daga baya a dawo da aikin da `kill -CONT 2741` ko a kashe shi.

Abu biyu ne nake roƙon kada a yi a tsakiyar rikici. Kada a buga `swapoff -a` da tunanin cewa suwaf ne matsalar, domin hakan umarni ne a dawo da gigabait 3 cikin ram da ba ta da wurin ko ɗaya. Kada kuma a danna maɓallin kashe wuta a kan saba mai rumbun bayanai alhali akwai sauran hanyar shiga.

Bayan an tsayar da rahoton, `vmstat` zai nuna `free` ya yi tsalle, `so` ya koma sifili, `b` da `wa` sun fara sauka. `si` zai ci gaba da motsi na wasu mintoci yayin da PostgreSQL yake kwaso kayansa, kuma `swpd` zai iya zama a sama kwana da kwanaki. Ba matsala ba ce. Daren da za a sake tayar da rahoton, a sa masa iyaka:

```
systemd-run --scope -p MemoryMax=2G -p MemorySwapMax=0 python3 rahoto.py
```

A sababbin tsarin Linux, wannan yana nufin idan ya nemi wuce gigabait 2, shi kaɗai za a kashe, ɗalibai su ci gaba da duba sakamakonsu. Da wannan iyakar rahoton ba zai kammala ba sai an gyara shi, don haka sai a zauna da wanda ya rubuta manhajar, ta riƙa karanta sakamakon zango ɗaya ta rubuta, ta saki ƙwaƙwalwar, sannan ta ɗauko na gaba.