Bidiyon biki a YouTube: wa zai gani, wa ba zai gani ba?

An gama biki, mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon kamu, ga shi ya yi nauyin da WhatsApp ba zai ɗauka ba. 'Yan'uwa na Jidda da Kumasi suna jira. Sai a ce a ɗora a YouTube, amma kada duniya ta gani. A wurin da aka rubuta Visibility akwai zaɓi uku: Public, Unlisted da Private. Na farkon na kowa da kowa ne. Biyun ƙarshe su ne ake rikitawa.

Idan ka zaɓi Unlisted, bidiyon ba zai fito a bincike ba, ba zai bayyana a jerin bidiyoyin tasharka ba, masu bibiyarka ma ba za a sanar da su ba. Sai dai duk wanda adireshin bidiyon ya shiga hannunsa zai kalla, ko ba shi da asusun Google, kuma yana iya tura wa wani. Ka aika wa gwaggo, gwaggo ta saka a zauren dangi, wani ya kai zauren abokansa, kafin magariba fuskokin matan gidanku sun isa inda ba ka taɓa nufa ba. Haka kuma idan wani ya saka bidiyon a jerin kallonsa na Public, duk mai buɗe jerin zai gan shi. Alamar da za ta nuna maka ya fita ita ce yawan kallo: mutum goma ka aika wa, ka ga an kalla sau ɗari uku.

Private ya fi tsauri. Adireshin kaɗai ba ya buɗe komai. Sai ka shiga YouTube Studio a kwamfuta, ka danna Content, ka zaɓi Private, sannan Share privately, ka rubuta imel ɗin kowane mutum. Shi kuma dole ya shiga da asusun Google mai wannan imel ɗin. Nan ake yawan samun cikas, domin wayar gwaggo na iya kasancewa a kan asusun ɗanta, sai bidiyon ya ƙi buɗuwa. Kuma babu damar rubuta sharhi a ƙarƙashinsa, saɓanin Unlisted.

A ganina, bidiyon da ke da matan aure da yara a ciki Private ya dace da shi, duk da wahalar tattara imel. Unlisted ya fi kyau ga darasin da malami ke raba wa ɗalibai, wanda ko ya fita babu abin kunya.

Idan adireshin ya riga ya bazu, mayar da bidiyon Private, nan take zai daina buɗuwa ga waɗanda ba ka gayyata ba. Amma wanda ya riga ya sauke shi, ko ya naɗi fuskar wayarsa yana kallo, nasa kwafin yana nan a hannunsa.