Haɗa Tsarin Raya Ƙaramar Hukuma da Kasafin Kuɗinta na Shekara

A wannan maƙala za mu taɓo matsala guda ɗaya ce tak, watau yadda tsarin raya ƙaramar hukuma na shekaru uku ko biyar yakan kama hanyarsa daban, kasafin kuɗi na shekara shi ma ya kama tasa. A ganinmu, tun daga wajen lissafi ake rabuwa. Masu tsara aiki sukan ƙirga kuɗin gini kawai, su mance da abin da ginin zai riƙa ci bayan an buɗe shi.

Bari mu buga misali. A ce wata ƙaramar hukuma tana samun naira miliyan 2,000 a shekara. Albashi da ayyukan yau da kullum suna cinye miliyan 1,600, saura miliyan 400 na manyan ayyuka. Tsarinta ya ce za a gina ɗakunan shan magani 12 cikin shekaru uku, huɗu kowace shekara, kowanne a kan miliyan 50. A takarda abin ya yi daidai, domin miliyan 200 ne kurum a shekara. Amma kowane ɗaki in an buɗe shi yana bukatar ma'aikata da magani da ruwa da gyare-gyare, mu ce miliyan 15 a shekara. Ke nan a shekara ta biyu miliyan 60 sun fita daga rarar nan, a ta uku miliyan 120, a ta huɗu kuwa miliyan 180. In kuɗin shiga bai ƙaru ba, kusan rabin kuɗin manyan ayyuka ya tafi, alhali ba a taɓa hanya ko rijiya ba. In kuma aka ƙi ware wannan kuɗi, sai a sami gini a kulle, awaki na kwana a barandarsa.

Dabarar haɗin ita ce, kowane aiki a ba shi lamba a cikin tsari, a rubuta masa kuɗin ginawa da na gudanarwa shekara bi shekara. Kafin a rubuta kasafi, ma'aji ya fara cire albashi da kuɗin gudanar da ayyukan da aka gama, sa'an nan na waɗanda aka soma ba a ƙarasa ba. Abin da ya rage shi ne iyakar da kansiloli za su yi muhawara a kai. Kowace shekara kuma a sake duba tsarin, a sauke shekarar da ta wuce, a ƙara wata a gaba, kamar yadda gwamnatin tarayyar Nijeriya ta soma yi da tsarinta na shekaru uku a 1990.

Wannan dabara tana da iyaka. Galibin ƙananan hukumomin ƙasar 774 sun dogara ne a kan kasonsu na asusun tarayya, wanda yake hawa da sauka, saboda haka gara a gina tsari a kan ƙiyasi mafi ƙanƙanta. Mai son ya gane ko haɗin ya tsinke, sai ya ɗauki kasafin bana ya ƙirga ayyukan da ba su da lamba a cikin tsari.